Inuwar da Yaya Ke Gani

Yayana ne ya kawo ni kamfanin nan na wasannin kwamfuta. Shi ya riga ni da shekara bakwai, shi ne kuma mai gwajin wasanninmu kafin su fita kasuwa. Ni mai rubuta shirin kwamfuta ne, abin da kwamfuta za ta zana a allo ke hannuna. Mu goma sha ɗaya ne a hawa na biyu, sama da wani shagon tayoyi, kowa da teburinsa da kofin shayinsa da ba ya wankewa. A ofis ba mai kiran Yaya da sunansa, Shaho ake ce masa, don ɗigo ɗaya idan ya kauce a allo sai ya gan shi. Manaja ba ya sa hannu a kan komai sai ya ji Shaho ya ce ya yi. Da wannan idon Yaya ke ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu da Ummanmu, da shi kuma ya biya mini makaranta.

Wasan da muke gamawa na tseren babura ne a cikin gari. Saura mako biyu ya fita, abu ɗaya ya rage ba mu yanke ba: yadda za mu gyara gefen abubuwa. Allo ɗige-ɗige ne masu kusurwa huɗu, shi ya sa duk layin da ya karkata yake fitowa kamar haƙoran zarto, idan hoton ya motsa kuma haƙoran su riƙa rarrafe. Garinmu na cikin wasa cike yake da wayoyin lantarki da shingen ƙarfe, su ne kuwa suka fi tona asiri.

Hanyoyi uku na haɗa. FXAA ita ce mai araha. Sai an gama zana hoton take bi ta kansa, ta nemo inda haske da duhu suka haɗu ta shafe wurin. Ba ta cin ko milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, amma ba ta san gefen gini da rubutun allon shago ba, duka take mayarwa dishi-dishi. MSAA tana duba wuri huɗu a cikin kowane ɗigo da gefen abu ya ratsa, sai gefen ya fito tas, sauran hoton kuma ba ta taɓa shi. Ita kuma ci ne da ita. Hoto sittin muke so a sakan, wato kowanne bai kai milisakan goma sha bakwai ba, a ƙaramar na'urar gwajinmu kuwa MSAA kaɗai na haɗiye biyar. Ta ukun TAA ce, wadda nake so. Tana ɗan gusar da kyamarar cikin wasan ƙasa da ɗigo ɗaya a kowane hoto, ta gauraya sabon da waɗanda suka wuce. Wayoyin sai su nutsu, kuɗinta kuma da sauƙi. Aibinta shi ne idan abu ya gifta da gudu, tsohon hoton kan biyo shi a baya kamar inuwa. Wata guda na yi ina fama da wannan inuwa, har na kai inda ni dai ba na ganinta.

Ranar Litinin Yaya ya shigar da rahotonsa, inda kowa a ofis zai karanta. Ya rubuta cewa inuwa na bin babur a TAA. Wannan ban yi mamaki ba. Sai layi na biyu: tana nan a FXAA, tana nan a MSAA.

Na taka har teburinsa.

"Yaya, MSAA fa ba ta ajiye tsohon hoto. Daga ina inuwar za ta fito?"

"Kai za ka faɗa mini, Auta," ya ce, idonsa na kan allo. "Ni gani nake yi, kai ke gyara."

Kwana uku na yi a kan wannan magana. Na kashe ƙawar da ke ja wa abu jela da gangan idan yana gudu. Na canza masa allo, ko nasa ne mai jinkirin sauya launi. Na bi shirin layi-layi, ko wani tsohon hoto yana tsallakowa ta inda ban sani ba. Ban sami komai ba. Kullum da rana manaja zai tsaya a bayana da makullan motarsa a hannu, ya ce, "Shaho ya ce akwai, to akwai." Mai zane, wadda teburinta ke kallon nawa, har ta fara tsokanata wai in nemo mai ruƙiyya ya fitar mini da aljanin. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma raina a ɓace yake. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na gaji kuma da zama ƙanen Shaho, wanda aka ɗauka don albarkacin wani.

Ranar Alhamis da safe aka kira taro don a yanke magana. Na shirya tsaf, niyyata in wanke kaina a gaban kowa, ban kuma yi tunanin komai bayan wannan ba. Na haɗa na'urar da babbar talabijin ta ɗakin taro, na sa babur ya bi titin da ya fi yawan wayoyi. Na nuna FXAA, mai zane ta yamutsa fuska ta ce wata biyu ta yi tana zana tsatsar ƙofofin nan, ga shi an shafe mata su kamar da tsumma. Na nuna TAA, wayoyin suka tsaya cak. Na nuna MSAA, lambar da ke kusurwa, mai ƙirga hotuna a sakan, ta faɗo daga sittin zuwa arba'in da bakwai, manaja ya girgiza kai.

"Inuwar fa?" ya tambaya.

"Tana nan," in ji Yaya daga ƙarshen tebur. "A duka ukun."

A nan ya kamata in yi shiru, in ce zan sake dubawa. Maimakon haka na ɗauki hoto guda daga MSAA, hoto tsayayye, babur a tsakiyar titi, ba abin da ke motsi, ba wani hoto a gabansa ko bayansa. Na bayyana wa kowa hakan da murya mai ƙarfi, kamar malami a aji. Sannan na miƙa wa Yaya alƙalami.

"Taso ka nuna mana, Yaya. Mu ma mu gani."

Ya taso. Da na san zai taso da ban faɗa ba, na zaci zai ce to ta tafi. Ya matsa kusa da talabijin ɗin, ya ɗan karkata kai, ya ɗora bakin alƙalamin a kan kwalta, kamar faɗin yatsa biyu a dama da kafaɗar mai babur. Ya zana siffar kafaɗa a wurin, a hankali, har zuwa gwiwar hannu.

"Ga ta nan," ya ce. "Ga ta kuma a jikin wannan fitilar."

Babu komai a wurin sai kwalta. Ana jin ƙarar injin da ake ɗaure tayoyi da shi a ƙasa. Mai zane ta sunkuyar da kai. Yaya ya juyo ya dube mu, ya ga ba wanda ya ce e, sai hannunsa ya sauka. A lokacin na tuna yadda Babanmu ya riƙa karkata kai haka idan zai karanta takarda, shekara biyu kafin mu fara jan hannunsa zuwa ƙofar gida.

Manaja ba mugun mutum ba ne, amma saura kwana goma sha ɗaya wasa ya fita. Ya ce, a hankali, "Shaho, rufe idon hagu." Yaya ya rufe da tafin hannu. "Tana nan?"

"Tana nan."

"Na dama fa?"

Ya canza hannu, ya daɗe yana kallo.

"Da wannan ba na ganin babur ɗin sosai," ya ce.

Aka tashi taron ba tare da an yanke komai ba. Manaja ya riƙe Yaya a ciki ya rufe ƙofa. Da Yaya ya fito bai bi ta teburinsa ba, sai na bi shi zuwa matakala. Yana sauka yana dafa bango.

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba."

"Me ya ce maka?"

"In je in ga likita, in huta. Ya ce ba kora ba ce." Ya yi ɗan murmushi. "Ka taɓa ganin mai gwaji ya tafi hutun ido ya dawo?"

Na ce zan raka shi gida, ya ce in koma bakin aikina, gida ɗaya ba zai rasa albashi biyu a rana ɗaya ba. Ya roƙe ni kada in faɗa wa Umma, shi zai san yadda zai faɗa mata.

Da na hau, manaja ya ce ni zan yanke tsakanin ukun kafin a tashi, tunda an mayar da na'urar gwajin teburin Yaya in zauna can. Na zauna a kujerarsa, wadda ta lotsa daidai jikinsa. Rubutun kwamfutarsa manya-manya ne, ban taɓa lura ba, ko ranar da na canza masa allo. Na ja aljihun tebur ina neman wayar haɗi, sai na ga wani ƙaramin littafi mai baƙin bango.

Rubutun Yaya ne, da alƙalami mai kauri. A shafin ƙarshe ya rubuta: "Idan fankar na'ura ta tashi da ƙarfi, MSAA ce, ka ce gefe tas amma da nauyi. Idan fanka shiru, ka duba wayoyi. In suna rarrafe FXAA ce, ka ce dishi-dishi. In sun nutsu TAA ce." A ƙasa akwai wani layi: "Ka ɗora hannu a bayan na'ura, zafi ma yana faɗa." Shafi bayan shafi haka, kowane wasa da muka yi da dabarunsa, wane titi zai bi, me zai saurara, me zai ce. Inuwar ce kaɗai ba ta cikin littafin. Ita ya ɗauka ta gaske ce, ya ɗauka a ƙarshe ga abin da idonsa ya kama da kansa.

Na koma shafin farko na duba kwanan watan da ya sa a sama. Wata goma sha huɗu ke nan, tebur biyu ne kuma tsakanina da shi.