Rarar Fam Sittin

Malam Mamuda shi ne sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa da auduga a Malumfashi. Duk bayan wata uku yakan miƙa wa kwamitin gudanarwa rahoto: abin da aka kasafta, abin da aka samu ko aka kashe, da bambancin da ke tsakani. Da Turanci ake buga shi saboda sufeton ƙungiyoyi, amma galibin 'yan kwamitin manoma ne, ba su yi boko ba. Shi ya sa Mamuda kan ɗora wasiƙa da Hausa a sama, a karanta musu a zaune, su ji inda aka kauce wa kasafi da dalilin kaucewar. Ba ta taɓa ba shi wuya ba sai ta watannin Oktoba zuwa Disamba na 1966.

Ƙungiyar tana da babbar mota guda ɗaya, direbanta kuma makanikenta shi ne Okwudili. A Funtua aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausarsa kuwa in ba ka ga fuskarsa ba sai ka ce Bakatsine ne ke magana. Shekararsu shida suna aiki tare da Mamuda, abincin rana ma a kwano ɗaya suke ci a bakin sito. A ƙarshen damina Okwudili ya kwance injin motar don ya gyara kafin a buɗe cinikin gyaɗa. Bai gama ba tashin hankali ya ɓarke a garuruwan Arewa, mutanen Gabas suka yi ta barin ƙasar. Ya kwashi matarsa Nwamaka da 'ya'yansu ya tafi. Da zai tafi ya ba Mamuda makullin rumfar mota, ya ce, “Kada kowa ya taɓa min kayan nan. Ƙura na lafawa zan dawo in haɗa.”

Mamuda bai bari kowa ya taɓa ba. Aka yi kakar gyaɗa da motocin haya.

Bayan ƙaramar salla ya zauna gaban tafireta ya buga wasiƙar. Ya fara da abin da zai yi daɗin ji: an samu rarar fam sittin a albashi, da rarar fam tamanin da biyar a man mota da gyara. Hayar mota ta wuce kasafi, ya ce saboda halin da ake ciki. Kamashon da ake biyan ƙungiya a kan kowane tan na gyaɗa ya gaza, ya ce saboda ƙarancin taragan jirgin ƙasa a tashar Funtua. Babu lamba ko ɗaya ta ƙarya a ciki. Sunan Okwudili ma babu.

Ya kai wa shugaban kwamiti, Alhaji Maiwada, don ya gani kafin ranar taro. Alhaji dattijo ne mai sanyin magana, kuma yana karatu. Ya karanta a zaurensa yana bin layi da yatsa, sannan ya ajiye.

“To, Malam Mamuda, ai magana ta fito fili,” in ji shi. “Tsayuwar motar nan ta bar mana fam ɗari da arba'in da biyar a aljihu. Haya ta yi tsada ne don rikici, za ta sauko. Kamasho kuma ka ce taragai ne, zai shigo. Ni a ganina mu sayar da motar yadda take, mu huta. Zan kawo maganar a taro.”

“Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba.”

“To me kake nufi? Abin da ka rubuta na karanta.”

Mamuda ya miƙe. Ya karɓi takardarsa ya yi sallama.

Bai koma ofis kai tsaye ba. Ya zagaya bayan sito ya buɗe rumfar mota. Kayan injin na nan jere a kan buhunan da Okwudili ya shimfiɗa, manya a gefe guda, ƙananan notuna a cikin gwangwanayen madara. Ya daɗe a tsaye. Ya san dalilin da ya sa ya yi ta kewaye-kewaye a wasiƙar. In ya faɗi gaskiyar abin da tsayuwar motar ta jawo, dole kwamiti ya ce a ɗauki wani direba, kuma ranar da aka ɗauki wani, an yarda ke nan abokinsa ba zai dawo ba. Tun da ya tafi ko wasiƙa ba a samu ba. Amma kewayen da ya yi ga inda ya kai shi: za a sayar da motar baki ɗaya, ƙauyukan da ke nesa da titi su rasa mai ɗaukar musu amfanin gona.

Ya koma ya sa sabuwar takarda a tafireta.

Ranar taro 'yan kwamiti suka zauna a kan benci biyu a ofis. Bayan addu'a Alhaji Maiwada ya ce sakatare ya karanta. Mamuda ya miƙe.

“Zuwa ga Shugaba da 'yan kwamiti. Gaisuwa mai yawa. Ga rahoton wata uku, Oktoba zuwa Disamba. A taƙaice, mun gaza abin da muka kasafta da fam ɗari biyu da ashirin da biyar. Fam casa'in daga ciki jinkiri ne kawai, za su shigo. Fam ɗari da talatin da biyar kuwa asara ce, ba za ta dawo ba.

“Na farko, kamasho. Mun yi kasafin tan ɗari uku a kan fam uku-uku, wato fam ɗari tara. Tan ɗari biyu da arba'in aka biya mu, fam ɗari bakwai da ashirin. Tan talatin mun saya, suna sito suna jiran taragai, kuma ba a biyan kamasho sai an miƙa kaya. Wannan shi ne jinkirin. Sauran tan talatin ba mu saya ba sam, domin motocin haya sun ƙi barin titi su shiga ƙauyukan bayan Kafur, manoma suka sayar wa wasu.

“Na biyu, za ku ga rarar fam sittin a albashi. Kada ku ɗauke ta a matsayin tanadi. Albashin Okwudili ne na wata uku, fam ashirin-ashirin, ba a biya ba domin ba ya nan.”

Ya yi gyaran murya ya ci gaba.

“Haka rarar fam tamanin da biyar a mai da gyara, mota ce ba ta tashi ba. A madadinta mun kashe fam ɗari biyu da talatin a haya, alhali fam arba'in muka kasafta. In aka cire rarar nan biyu daga ƙarin hayar, mun wuce kasafin kashewa da fam arba'in da biyar. A haɗa da kamashon tan talatin da muka rasa, shi ne asarar da na ambata. Duk tushenta ɗaya ne, tsayuwar mota. Ni na bar ta a tsaye, ina jiran direbanta. Ina roƙon kwamiti ya ba da izni a ɗauki wanda zai haɗa ta ya tuƙa, tun auduga ba ta ƙare ba. Naku, Mamuda, Sakatare.”

Ya zauna.

Wanda ya fara magana Ɗanasabe ne, Bamaguje mai babban gandu a bayan Kafur, wanda bai cika magana a taro ba. Ya ce, “Cikin tan talatin ɗin nan har da tawa. Na jira har gara ta fara shiga buhuna, na sayar a wulaƙance. Na zo yau da niyyar in yi faɗa.” Ya sosa ƙeya. “Amma yaron nan shekarar da matata ta kasa haihuwa, shi ya juyo da mota cike da kaya ya kai ta asibiti. Da ni aka ba makullin, ban san ko zan buɗe ba.”

Wani ɗan kwamiti, Malam Jibo, ya ce tausayi daban, dukiyar jama'a daban. Da sakatare ya kira taro tun watan Nuwamba da asarar ba ta kai haka ba. Mamuda ya ce gaskiya ne. Jibo ya nemi a rubuta cewa nan gaba duk abin da ya tsayar da mota a sanar da kwamiti nan take, kada a jira rahoto. Kowa ya amince, Mamuda ya rubuta da hannunsa.

Sai aka juya ga Alhaji Maiwada. Ya ce, “Na zo da maganar a sayar da motar, na janye. Lissafin da na yi ba daidai ba ne.” Sannan ya ƙara da cewa, “Ni na kai su tashar Funtua a motata, shi da iyalinsa. Tun daga ranar ba na son bi ta bayan siton nan. Da na ga takardar farko sai na ce ga hanya ta samu, a ɗauke motar daga idona.”

Mamuda ya ɗago ya dube shi. Bai taɓa sanin wanda ya kai su ba.

Aka yanke shawara a ɗauki Ganiyu, wani makanike Bayarabe da ke Funtua, na wata shida tukuna. Ɗanasabe ya ce kada a goge sunan Okwudili daga jerin ma'aikata. Jibo ya tambaya ko doka ta yarda. Mamuda ya ce ana iya rubuta shi a matsayin wanda ke hutu ba albashi, kwamiti na da ikon yin haka. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi.

Da aka watse Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa har Mamuda ya gama tattara takardu.

“Ka san sunan garin su Okwudili?”

“Na san na uwarsa, ranka ya daɗe. Wajen Onica ne.”

“Ka rubuta masa, ka ce ina gaishe shi. Ko ta kai, ko ba ta kai ba.”

Ganiyu ya zo ranar kasuwa da akwatin kayan aikinsa a kan keke da ya ɗoro a motar haya. Shi ma ya san Okwudili, a gareji ɗaya suka koyi aiki. Ya yi kwanaki yana haɗa injin, ba ya son surutu. Ranar da motar ta tashi ta cika bayan sito da hayaƙi, 'yan dako suka yi ta ihu. Washegari Mamuda ya shiga gaba kusa da shi don ya nuna masa hanyar ƙauyukan bayan Kafur, suka tsaya a gidan waya ya jefa wasiƙa, sannan suka wuce ɗaukar auduga.