Kati na Ashirin da Huɗu

A shekarar 1988 ni mai rubutun allon shaguna ne a unguwar Kpakungu cikin Minna, kuma ina da taurin kai irin wanda mutum ke ɗauka gwaninta ce. Abokina Jonah yana riƙe kyamara a gidan talabijin, ranar Asabar kaɗai ake ba shi aronta. Muka shirya fim na minti goma sha biyu a kan wani tsohon ma'aikacin reluwe da ke bin layin dogo da ƙafa har gadar Zungeru, yana jiran jirgin da ya daina zuwa.

Nawa aikin shi ne zana fim ɗin tun kafin a ɗauka. Na yanka kwalayen sabulu guda ashirin da huɗu, kowane kati hoto ɗaya. A sama in zana yadda hoton zai fito, a ƙasa in rubuta ko ɗaukar nesa ce, ko daga ƙugu zuwa sama, ko ta kusa. In rubuta abin da ke jikin mutum har maɓalli. In ja kibiya ta gefen da rana take. Ba a ɗaukar fim a jere. Abin da mai kallo zai gani cikin ƙiftawar ido, wataƙila mako biyu ne tsakani, don haka kati ne ke riƙe mana kai.

Dabarar da nake taƙama da ita kuwa, ba za a ga fuskar tsohon ba sai a katin ƙarshe. Ƙafafunsa a kan tsakuwa, hannunsa a kan ƙarfen dogo, bayansa daga nesa. A na ashirin da uku yana tsaye ya ba mu baya, ya fara juyowa. A na ashirin da huɗu juyowar ta ƙarasa: ɗaukar kusa, kai da kafaɗa, rana bayan la'asar tana dukan kuncinsa na dama.

Baba Ndakotsu ne tsohon, Banufe, shekara talatin yana juya wa jirgi hanya. Kayan wasan nasa ne na aiki, rigar kaki da ta rasa maɓallin sama da wata baƙar hula da gumi ya cinye. Bai nemi komai ba sai abu ɗaya.

"Ni ba ni da hoto," in ji shi. "Na katin aiki, ruwa ya ci. Matata Rekiya ta ce in fito mata da kyau a akwatin talabijin."

Na ce, "Baba, katin ƙarshe naka ne kai kaɗai."

Asabar ta uku muka ɗauki kati na ashirin da uku a Zungeru. Muna gyara allon da muka liƙa wa takardar azurfa ta kwalin sigari don ya mayar masa da haske a fuska, hadari ya taso ta gabas ya rufe sama gaba ɗaya. Inuwar da ke kwance a gefensa ta ɓace. Na ce a bar na ashirin da huɗu, ko Jonah bai yi musu ba, don in aka haɗa hotunan biyu mutum zai fara juyowa cikin rana ya ƙarasa cikin duhu. Muka naɗe kaya.

Asabar ta huɗu rana ta fito tas, daidai inda kibiyata ta ce. Baba ya biyo mu a motar haya bayan azahar. Yana saukowa na ƙare masa kallo. Kakin ne dai, amma an wanke shi an goge, an ɗinka masa maɓallin sama. A kansa kuwa sabuwar hula mai aiki, shuɗiya da fari.

"Baba, ina baƙar hular?"

"Tana gida. Rekiya ta ce yau ne za a nuna fuska, ba za ta bari mijinta ya fito duniya da tsumma a ka ba."

Maɓallin na tsinke shi da reza, kakin na murza masa jar ƙasa a kafaɗa. Hula fa? Tana Minna, rana kuma ba za ta jira a je a dawo ba.

Jonah ya ja ni gefe. "Alhassan, mu ɗauka haka. In matso sosai, in yanke daga goshi."

"Kati ya ce kai da kafaɗa. Kuma yana juyowa ƙeyar hular za ta leƙo. Baƙa ta koma shuɗiya a tsakiyar juyi? Dariya za a yi mana."

"To mu ɗauki ɗaya mu ajiye. Minti ɗaya ne."

Na san in aka ajiye, da shi za a yi amfani, kowa ya ce ai ya isa. Wannan ne ainihin dalilina, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Baba yana zaune a kan ƙarfen dogo yana tari, ya ji mu sarai. Ya ce, "Ɗana, ɗauka mana ko kaɗan. Ba na fim ba, na Rekiya."

Na ce, "Asabar mai zuwa, Baba, a yi shi yadda ya dace."

Ya cire sabuwar hular ya duba ta, ya mayar.

Ranar Laraba da hantsi Baba ya rasu.

Bayan sadakar bakwai Inna Rekiya ta aiko ɗansu Ndaliman da ƙullin leda: kakin, da baƙar hular. Ta ce a gama aikin da mai gidanta ya fara. Muka koma Zungeru, Ndaliman ya sa kayan uban, tsayinsu ɗaya. Na juya kibiyar katin da hannuna. Muka tsayar da shi rana tana bayansa, muka ajiye allon azurfar, ya juyo baƙi ƙirin, sai zanen kai da hula. Jonah ya ce ya fi wanda na tsara kyau. Na ji kamar in mare shi, don gaskiya ya faɗa.

Inna Rekiya tana takaba, ba ta fita. Da aka haɗa fim ɗin muka ɗauki talabijin da bidiyo a baro muka kai mata wata Lahadi da rana. Ta zauna a tabarma daf da gilashin. Ta gane tafiyarsa, ta gane hannun, har ta ce, "Ga tabon da ƙarfe ya ji masa." Da aka zo ƙarshe ta miƙa wuya, mutum ya juyo, hoto ya ɗauke.

"Mayar baya, ɗana. Ban gani ba."

Jonah ya mayar. Sau uku.

"Wannan kunnen Ndaliman ne," in ji ta a hankali. "Shi fa? Ranar da na sa masa sabuwar hula, ina wannan?"

Jonah ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ba mu ɗauka ba, Inna. Ni na hana. Hular ba ta dace da ta baya ba."

Na jira ta zage ni, wallahi da na fi so. Sai ta ce, "Ashe ni na ɓata."

Na yi ta rantsuwa ba ita ba ce, ba ta ji ni ba. Can ta ɗago.

"Ya ce kana zana kowane hoto a kwali. Ya ce na ƙarshe nasa ne shi kaɗai. Ba ni wannan ɗin."

Katunan suna jakata. Na zaro na ashirin da huɗu na miƙa mata. Zanen aiki ne, ba a sa masa kama: da'ira kamar ƙwai, ɗigo biyu, hula, da kibiyar da na kankare na sake ja. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta goge shi da gefen mayafinta, ta ɗaga murfin kwallarta ta sa shi a kan sabuwar hular.