Takardar Tela zuwa Likitar Zuciya

Fayil ɗin Tela ya fi na kowa kauri a ɗan asibitinmu na ƙauye, rabinsa kuma ba ciwo ba ne. Duk zuwan da zai yi sai na rubuta awon jininsa a gurguje, a gefe in ƙara abin da ya faɗa: keken ɗinki ya lalace, jika ta yi haƙori. Abokina ne tun ina sabon likita, shi ya ɗinka mini farar rigar aiki ta farko, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Yanzu zan tura shi birni wurin likitar zuciya, ita kuwa shafi ɗaya take karantawa. Na zauna ina tacewa. Shekara sittin da takwas. Numfashi na sarƙe masa in ya yi tafiya, abin na ƙaruwa tun bara. Ya suma sau ɗaya yana ɗauke da keke. Na ji ƙara a zuciyarsa, ina zargin wata ƙofar zuciyar ta tsuke. Na sa awon jininsa, da ƙwayar hawan jini da yake sha, da cewa penisilin na sa shi ƙuraje. Na roƙi a yi masa hoton zuciya da gaggawa.

Duk wannan bai kwantar mini da hankali ba, don na san mutumina. Ko yana haki ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce, har da murmushi. In ya yi wa likitar haka, za a iya ba shi rana mai nisa, ni kuwa ina tsoron zuciyar ba za ta jira ba. Sai na ƙara layi ɗaya a ƙasa.

Yana zaune kan benci yana kallona, hula a gwiwa.

"Likita, karanta mini kafin ka liƙe. Kada ka je ka sayar da ni."

"Wa zai saye ka?"

Na fassara masa tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai kamar ana yabonsa. Na zo layin ƙarshe: "Wannan bawan Allah ba ya son damun mutane, zai ce miki lafiyarsa lau. Don Allah kada ki yarda. Ina son in ci gaba da ganinsa."

Na zaci zai yi faɗa, sai ya shiga murza bakin hular.

"Haka ka rubuta wa baƙuwa?"

"Haka."

Ya waiga ƙofa, inda matarsa ke jira a baranda, ya rage murya.

"To gyara wancan wurin. Ba sau ɗaya na faɗi ba, sau uku ne. Ita ma ba ta sani ba."

Na ɗauko sabuwar takarda.