Kwana Biyu na Ajiya

Shekara ashirin Injiniya ya yi yana aiki a matatar gas a wata ƙasa da ba ta karɓar harajin albashi, kuma shekara ashirin matarsa ta yi tana kiransa Baƙo. Malamar sakandare ce, bakinta ba ya ciwo. In ya zo hutu takan tarbe shi a ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Baƙo. Wannan karon ruwa za ka sha ka wuce, ko har da kwana?"

Abin da ya mai da shi baƙo a gidan da ya gina da guminsa doka ce. A ƙasarsu, wanda ya yi kwana ɗari da tamanin da uku a cikin ƙasa ya zama mazauni, kuma mazauni ana bin sa haraji a kan duk abin da ya samu, ko a ƙarshen duniya ya samo shi. Wanda bai kai ba, sai abin da ya samu a cikin gida kawai. Wannan kowa ya san shi a sansanin ma'aikata. Wanda ya fi kowa sani wani mai walda ne da ake ce wa Lauya, mutumin wata ƙasa dabam, wanda yakan buga cokali a tebur a ɗakin cin abinci ya yanke hukunci: "Kada ka cika wata shida. Janairu na shigowa allo ya goge, ka fara sabo." Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko dokar wace ƙasa yake karantowa. Magana in ta daɗe tana yawo a bakin maza, sai ta yi furfura a riƙa girmama ta.

Bara, a tsakiyar Oktoba, aka gano ciwon daji a cikin Malama. Ya zo ya zauna har ƙarshen Disamba, ya koma. A Fabrairu aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka sallami kowa suka sake ɗauka, aka zuba masa kuɗin sallamar shekara ashirin a asusunsa na can. Da Afrilu ciwon ya dawo, ya ɗauki hutu ba albashi ya taho.

Wata shida ya yi yana koyon gidansa. Ya koyi inda ake ajiye tawul, da wace taga ce take cijewa in an yi ruwa. Ya koyi kujerun roba na sashen jinya, da yadda ake riƙe wa mutum kwano yana amai ba tare da an kalle shi ba. Kowane mako uku ana yi mata wata allura da tsadarta ta sa ake faɗin kuɗinta a hankali, kamar zagi. Daga kuɗin sallamar nan ake biya.

A Oktoba, da lissafinsa ya kusa cika, ya zauna a bakin gadonta yana murza hula.

"Faɗi mana," ta ce. "Tun safe kake zagaye ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Jibi zan cika ɗari da tamanin. In na zarce, kuɗin sallama duka ya shiga hannunsu. Wajen kashi ɗaya cikin uku za su ɗauka. Allurar shekara guda ke nan."

"To?"

"In na tafi na dawo ranar ɗaya ga Janairu, an tsira. Kuma ina da kwana biyu a hannu, ko da wani abu zai taso."

Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. "Kwana biyu. Adana su da kyau, Baƙo, na jana'izata ne."

"Haba, Malama."

"Jeka. Na saba. Ni da allurar ce za mu jira ka."

'Yarsu ɗaya tilo, mai harhaɗa magunguna, wadda yake kira Mamana don sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ce ta kai shi filin jirgi. Da ya buɗe ƙofar mota ta juyo ta dube shi.

"Baba, ka tambayi wanda ya sani?"

"Shekara ashirin nake wannan lissafi, Mamana."

Gaskiya ya faɗa. Abin da bai lura da shi ba, kafin ciwon nan bai taɓa wuce wata biyu a gida ba, balle lissafin ya gwada shi.

Ɗakinsa na sansani akwatin ƙarfe ne mai gado ɗaya da na'urar sanyaya iska da ke ɗiga a bokiti. Kullum bayan an tashi aiki yakan jingina waya da kwalbar ruwa su ga juna shi da Malama. Ta riƙa ƙanƙancewa a cikin gilashin wayar. Da farko tana ba shi labarin ma'aikatan jinya, wadda take tauna cingam da wadda take neman jijiya kamar mai haƙar rijiya. Daga baya sai ta ce ya yi maganar shi, ita za ta saurara. Shi kuwa ba shi da labari sai na bututu da matsin iska. Ta saurari na bututun.

A ƙarshen Nuwamba, wata Talata da hantsi, Mamana ta kira shi yana bakin aiki.

"Baba, ka zo."

"Me likita ya ce?"

"Likita ya ce ana dubawa. Ni ce nake ce maka ka zo."

Ya tsaya a gindin tanki, hular kwano a hannu. Kwana biyu ne. Ranar sauka kwana ce ko da saura minti goma ta ƙare, ranar tashi ma kwana ce. In ya kashe su yanzu, ta farfaɗo, sannan a Disamba abin ya zo da gaske fa? Sau biyu a baya ta yi irin wannan ta tashi.

"Bari mu ga zuwa Alhamis," ya ce.

Laraba da la'asar Malama ta cika. Jirgin da ya samu ya sauke shi Juma'a, ya tarar an riga an kai ta. Ya zauna cikin masu gaisuwa, suna ce masa sannu da hanya kafin su ce sannu da haƙuri. Asabar kuma ya ɗauki jakarsa. Ƙanen Malama ya biyo shi har waje.

"Yaya, ina kuma za ka?"

"Kwanakina sun ƙare."

Ya san yadda maganar ta faɗi a kunne. Amma a ransa cewa yake, in ya zauna yanzu, to tafiyar Oktoba ta zama banza, ya rasa ta ya rasa abin da ya bar ta dominsa. Gara kuɗin su tsira su zama na Mamana. Mutum in ya biya abu da tsada, ba ya yarda a ce masa jabu ne.

Da ya dawo gida a Janairu, bankinsa na can suka nemi ya tabbatar musu ƙasar da take bin sa haraji. Wannan ne ya kai shi ofishin wata akanta, a hawa na biyu a saman shagon tayoyi. Mace ce mai tabarau a goshi da wani a ido. Ta karɓi fasfo ɗinsa ta bi hatiman shige da fice ɗaya bayan ɗaya, shi yana kallon fanka.

"Ɗari da tamanin da biyu," ya ce, don ya rage mata wahala. "Na ƙirga."

"Daga ina ka fara ƙirgawa, ranka ya daɗe?"

"Daga Janairu mana."

Ta sauke fasfon. "Akwai ƙasashen da suke haka. Tamu ba ta bin kalanda. Cewa ta yi kwana ɗari da tamanin da uku a cikin kowane wata goma sha biyu a jere, muddin sun fara ko sun ƙare a cikin shekarar harajin. Ka yi kwana tamanin daga Oktoba zuwa Disamba na waccan shekarar. Ka dawo a Afrilu. In aka ɗora wannan a kan wancan, tun ƙarshen Yuli ka cika."

"Yuli."

"Yuli. Kuma tunda zagayen a waccan shekarar ya fara, ita ma sai mun duba ta."

"Jinya na zo yi. Matata ce ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya."

"Ta rasu."

Akantar ta cire tabarau na idonta ta riƙe. "Allah ya ji ƙanta." Ta mai da tabarau ɗin. "Da kai ne ciwo ya kwantar ya hana ka fita, da akwai abin da zan rubuta musu. Jinyar wani ba ta cikin abin da suke ɗagawa. Can kuma ba ka biya komai ba, balle a rage maka shi a nan. Albashin da kuɗin sallamar duka za mu bayyana. Zan nema maka biya kashi-kashi."

Bai ji na kashi-kashin ba. Tambaya ɗaya ce ta rage masa, ya yi ta da muryar ɗalibi.

"Da ban tafi a Oktoba ba, da me zai ƙaru a kaina?"

"Ko sisi."

Ya sauko matakala. A ƙasa wani yana cire taya da guduma, ƙarar tana shiga masa har haƙori. Ya tsaya a bakin titi, motocin haya suna rage gudu suna masa hon suna wucewa. Kansa da ya saba da ƙirga ya kama aiki ba da izininsa ba, daga ranar da Mamana ta sauke shi a filin jirgi zuwa waccan Larabar. Ya hana shi, ya ƙi hanuwa.

A gida ya tarar da Mamana a ɗakin uwarta, ta baje kayan sawa a gado tana ninkewa, na bayarwa gefe, na ajiyewa gefe. Gilashin karatun Malama yana nan a kan durowa, da rabin ƙwayoyin da ba ta shanye ba.

"Sannu da dawowa, Baba. An dace? Kuɗin sun tsira?"

Ya yi niyyar ya ce eh. Kalma ɗaya ce, kuma da ta bar wa yarinyar wani abu da za ta riƙa gaya wa kanta game da ubanta. Sai dai takardun za su zo gidan nan, ita ce kuma mai buɗe su.

"Tun Yuli na cika, Mamana. Tun kafin in tafi."

Hannunta ya tsaya a kan wani mayafi ruwan toka. Ba ta ɗago ba.

"Ranar Talatar nan," ta ce, "bayan mun gama waya, ta tambaye ni me ka ce. Na ce mata kana hanya."

"Me ta ce?"

"Ta ce ƙarya nake, Baƙo ba ya ɓarnar kwana." Ta ninke mayafin gida huɗu ta ɗora a kan na bayarwa. "Amma ta sa na gyara maka gado."

Ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa. Yanzu ba mai ƙirga masa, yana iya zama har iya ransa. Mamana ta jawo wani zanen ta ci gaba da ninki.