Gurbi a Ɗakin Tiyatar Baba Likita

Shekara bakwai rabon Sista da ɗakin tiyata. Ta ajiye aikinta na nas ne don jinyar mahaifiyarta, jinya ta ja, haihuwa ta biyo baya. Da kamfanin da mijinta ke aiki ya rufe, sai ta sabunta lasisinta, ta shiga zagayen asibitoci. Ko'ina tambaya ɗaya ce: wa zai tsaya miki daga inda kika bari?

Mutum ɗaya ne, Baba Likita, mai asibitin kansa, wanda ta daɗe tana miƙa wa almakashi tun kafin ya buɗe baki. Ko gaisuwa ba ta aika masa ba tun da ta tafi.

"Ki ce masa aiki kike nema kawai," in ji mijinta. "Mai nema ba ya jin kunya."

"Haba Baban yara! In ɓace shekara bakwai, in ɓullo da ƙoƙon bara? Zumunta a ƙafa take. Sai na fara gaishe shi."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. A ƙarshe ta tuna masa ko ita wace ce, ta ba da haƙurin dogon shirun, ta ce ta wuce ta gaban asibitin ta ga sabon benen da aka ɗora, Allah ya sanya alheri. Ba ta ambaci aiki ba.

Ta zaci za a yi mako. Kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo: "'Yata! Kullum kina raina. Yaushe za ki zo?"

Sista ta daɗe tana kallon saƙon. Baba Likitan da ta sani bai taɓa ce wa kowa 'yata ba. "Ke" yake cewa, in ransa ya yi fari ya ce "Sista". Ta kira lambar don su gaisa baki da baki, aka katse. Wani saƙo ya biyo: yana tare da marar lafiya, ta zo jibi da hantsi.

"Tsufa ne ya tausasa shi," in ji mijinta yana dariya. "Ni ma ki jira, kwanan nan zan fara yi miki wanke-wanke."

Ranar da ta je, ba ta gane fuska ko ɗaya a wurin karɓar baƙi ba. An sabunta fenti, an sa tayil mai sheƙi, amma tsofaffin ma'aikata duk babu su. A bakin matakala matar Likita ta tare ta. Ita ke riƙe da harkar asibitin, kowa Madam yake ce mata. Ta rungume Sista tamkar ƙanwarta, alhali da can ko sunanta ba ta riƙe ba. A hannunta akwai waya biyu.

Baba Likita yana zaune a ofishinsa cikin farar riga, an goge ta ƙal. Ya ɗago ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Ke, ina kika shiga tun safe? An dafa kayan aikin?"

Madam ta yi dariya da ƙarfi. "Kin ji shi da barkwanci!"

Sista ta gaishe shi da ladabi. Ya tambayi jikin mahaifiyarta, ta ce ai ta rasu, shekara huɗu ke nan. Ya girgiza kai, ya yi mata ta'aziyya mai ratsa zuciya. Aka kawo shayi. Ya ɗauki kofin, cokalin da ke ciki ya riƙa kaɗawa, ƙil-ƙil-ƙil, har sai da Madam ta karɓa ta ajiye. Suka taɓa hirar da, ya tuna wata tiyatar hanji da suka yi wuta ta ɗauke, ya ba da labarin dalla-dalla, ko zare ɗaya bai manta ba. Sai ya juyo.

"Yaya jikin mahaifiyar taki?"

Sista ta ajiye kofinta. Ta dubi Madam, Madam tana duban ta, ba ta ko ƙifta ido.

Sista ta zo ne da niyyar gaisuwa kawai, sai a zuwa na biyu ta tambaya ko akwai gurbi. Ba a bar ta ta kai can ba. Madam ta ja ta ɗakin da ke kusa ta tura ƙofa.

"Na san ba shayi ya kawo ki ba, kuma ban ga laifinki ba. Muna da gurbi a ɗakin tiyata. Babu jarrabawa, babu watannin gwaji. Ki fara Litinin."

"Wadda ke wurin fa, Madam?"

"Ta tafi. Yaran yanzu ba su da haƙuri, ga surutu. Ke kuwa kin san hannunsa. Kin san abin da zai nema kafin ya nema. In ya tsaya, ki tuna masa inda aka kwana, a hankali, ba sai kowa ya ji ba. Ai duk babba yana son na kusa."

"Har yanzu shi ke yanka?"

"Sunansa mutane ke biyowa, ƙanwata."

Sista ta ce za ta yi shawara da maigida. Madam ta yi murmushi, ta gyara mata wuyan riga.

"Ki yi. Amma ki tuna, duk inda kika nemi aiki, nan za su kira su tambayi halinki. Ni nake ɗaukar wayar."

A hanyar fita Sista ta ci karo da mutum ɗaya da ta sani, mai ba da maganin barci, wanda suke tsokana da Sarkin Barci. Ya rame, furfura ta cika masa kai. Bai yi murnar ganinta ba.

"Ke ma an kira ki?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni na kawo kaina. Yaya, gaya mini gaskiya, wa ke riƙe wuƙa?"

"Akwai wani ƙaramin likita da ke zuwa daga wani asibiti. In ya zo, shi ke yi, Baba yana tsaye."

"In bai zo ba fa?"

Sarkin Barci ya dubi ƙarshen barandar. Wata mata ce zaune a kan benci da rigar tiyata, an riga an sa mata robar ƙarin ruwa a hannu, mijinta yana riƙe da takalmanta.

"Yau ya zo," in ji Sarkin Barci. "Ki tafi gida."

A gida mijin Sista ya saurara har ta gama, bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya ce, "In kika yi magana, kin rufe wa kanki ƙofa."

"Na sani. In na shiga kuma, ranar da abin ya faru da hannuna a ciki."

Washegari ta aika wa lambar Baba Likita cewa ta gode, ba za ta samu zuwa ba. Daga nan ta wuce ofishin hukumar da ke ba likitoci lasisi, ta rubuta abin da ta gani da idonta, ta sa hannu. Ta yi kuka a cikin mota, don Baba Likita shi ya koya mata aiki. Jami'in da ya karɓa ya ce za a bincika, amma irin wannan yakan ɗauki lokaci.

Asibitoci biyu da suka nuna suna son ta suka yi shiru bayan sun kira tsohon wurin aikinta. Da ƙyar wata tsohuwar abokiyar karatunta ta tsaya mata, ta samu wurin wanke ciwo a wani ƙaramin asibitin unguwa. Wata uku bayan haka ta koma hukumar ta tambaya. Aka ce mata takardar tana kan teburin shugaba, shi kuma ya yi tafiya.