Bakin da Ya Shiga Ɗan Littafin Tari

Ni dai tarin fuka sau biyu yana kama ni, sau biyu yana sakina da kunya. Shi ya sa da aka ba jikata aikin fassara ɗan littafin shan maganinsa, na ɗauki sandata na bi ta ofis. Ban san ko baƙi ɗaya ba, amma wa ya fi ni sanin tari?

Aikinta na farko ke nan, kuma maɗaba'a na jira ran Laraba. In ba ta miƙa ba, a ba wani. Masu duba mata su biyu ne, wata ungozoma 'yar gabas da wani tsohon malamin makaranta ɗan yamma. Duk kalmar da ungozoma ta sa, malam ya soke da jan biro.

"Hajiya, wannan a wajenmu ko akuya ba ta gane shi!"

"To Malam, akuyarku ce ke tarin?"

Jikata ta ce a ɗauki bakin rediyo da littattafan makaranta, wato irin yaren da ake yi a cikinsu, tunda kowa na jin sa. Suka taso mata.

Na buga sanda. "Ku rubuta da bakin ƙauyenmu, shi ne na asali. In kuna musu, mu je layin asibiti."

Kashegari muka tafi da shafi ɗaya da aka rubuta da baki iri huɗu. A bencin karɓar magani mutanen kowane yanki na zaune. Jikata ta riƙa jan su gefe ɗaya-ɗaya, ta karanta iri ɗaya, ta miƙa kwalin magani ta ce a nuna mata ƙwaya nawa, yaushe, har wata nawa.

Na gabas, 'yan gabas suka ci, saura suka yi ta kame-kame. Na yamma ma haka. Da aka zo kan nawa, wata tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi albarka. To yanzu faɗa min da yarenmu."

Ungozoma ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ni ma na yi, har tsohon tarina ya so dawowa.

Na rediyo kuwa kusan kowa ya nuna daidai. Kalma uku kawai suka tsaya wa mutane. Biyu aka musanya su da na kasuwa, ta ukun aka jera ta gabas da ta yamma kusa da juna. Malam ya mayar da jan bironsa aljihu.

Ran Talata jikata ta miƙa aikin, tana tsalle a matakala. Ta ce, "Kaka, ko kalmarka ɗaya ba ta shiga ba."

Na ce, "Ke tafi can! Wa ya kai ku asibitin?"