Buhu Takwas a Kasuwar Sara

Buhu na biyar na kan wuyan ɗan dako lokacin da wayar Abdulsalami ta yi ƙara. Hoto ne ya shigo: rasit na banki mai koren tambari, ga cikakken sunansa, ga lambar asusunsa, ga naira dubu ɗari tara da sittin.

"Ka gani ko, ɗana?" in ji baƙon da ya sayi kayan, wani dattijo mai farar shadda da ya ce daga Kano yake. "Sun fita daga wajena. Ka san halin bankunan nan, sai sun ga dama."

Ridi buhu takwas ne, kuma su ne duk abin da gidansu ya mallaka. Bijimai biyu na huɗa mahaifinsa ya sayar a Zandam ya ba shi jari, ya ce in an ci riba a mayar da su kafin damina. Abdulsalami ya so ya buɗe manhajar bankinsa ya duba, amma yatsansa ya ƙi. Mutum sa'an ubanka, da furfura da carbi, ya ce ya biya, ka tsaya bincike a gabansa? Ai ka ƙaryata shi ke nan. Can sai ga saƙon tes cewa kuɗi sun shiga, zuciyarsa ta yi sanyi.

Ba wayonsa ne ya cece shi ba, kada a yi masa wannan yabon. Kuɗin 'yan dako ne babu a aljihunsa.

* * *

Prisca mai POS tana ƙarƙashin lemarta a bakin tasha. Ya miƙa kati ya ce ta ciro masa dubu ashirin. Na'urar ta tofo takarda.

"Babu kuɗi a ciki, Malam."

"Haba Madam! Yanzun nan aka turo min kusan miliyan." Ya nuna mata hoton da ɗan fahari.

Ta buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar. "Duba sunanka. Ka ga baƙaƙen sun fi na sauran kauri? Ga inda aka goge na wani, farin ma bai zama ɗaya ba. Wannan doguwar lambar kuma, abin da ke bin lambobi shidan farko kwanan wata ne. Na watan jiya ne a nan. Tsohon rasit ne na gaske, aka sauya suna da kuɗi."

"To ina ya san cikakken sunana?"

"Ba kai ka ba shi lambar asusu ba? Da an saka ta, suna ke fitowa."

"Ai har tes na samu."

Ta duba. Daga lambar waya ce irin ta kowa, ba ya cikin jerin saƙonnin da bankinsa ya saba turowa. "Buɗe manhajarka. Abin da ba ka gani a can ba, bai zo ba."

Ya buɗe. Naira dubu uku da ɗari biyu, kamar yadda ya bar su da safe. Ya karɓi katinsa, ya koma da sauri.

* * *

Ya iske an gama lodi, direba na ɗaure igiya.

"Alhaji, a yi haƙuri, ba su shigo ba tukuna. A sauke, in sun shigo sai a ɗauka."

Iyakar abin da bakinsa ya iya ke nan. Kalma ɗaya da ƙarfi da ta tara kasuwa, amma yana tsoron taron da ke dukan mutum har lahira, kuma har yanzu yana jin nauyin furfurar nan. Dattijon ya yi murmushi, ya ce ba komai, zai leƙa banki a Birnin Kudu a gyara. Har albarka ya sa masa.

Aka sauke kayan. Abdulsalami ya zauna kan buhunansa yana hamdala, bai faɗa wa kowa ba.

Bayan la'asar ya bi ta layin masu wake. Rumfar Baba Maikano, tsohon da ya koya masa gane ridi mai yashi, wayam take, sai shatin buhuna a ƙasa.

"Baba, ina kayan?"

"Alhamdu lillahi, wani Alhajin Kano ya kwashe duka goma sha ɗaya. Ya nuna min a wayarsa, maƙwabta ma sun gani. Har da kuɗin aikin idon innarku a ciki." Ya miƙo ƙaramar wayarsa mai maɓallai. "Duba min, ɗana, saƙon ya shigo?"

Abdulsalami ya duba. Babu komai. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Bari, sabis ne," in ji tsohon. Ya karɓi wayarsa, ya fita tsakiyar layi, ya ɗaga ta sama yana juyawa a hankali.